Marsiyyar ta biya kuɗinta, mai sharhin ne ya ɓata min rai

Ɗan littafin nan na marsiyya da ake ta magana a kai na saya ranar Juma'a, wajen tsohon nan da ke baza littattafai a bakin masallaci. Kuɗin da ya yanka, bai rage min ko sisi ba. Waƙa ɗaya ce, ƙwar biyar, baiti arba'in, wani magidanci ya yi wa matarsa da ta rasu wajen haihuwa. Na ɗauka irin wadda aka saba ce, a jero halayen kirki a rufe da addu'a. Sai ga ni bayan Isha'i ina karantawa ina ajiyewa, don bara muka binne yayata, ita ma ta bar yara ƙanana.

Gulbi ne ya kama ni. Sau uku ya zo a waƙar, kuma kowane zuwa da kamarsa. A farko yana cike, irin cikar Rima a watan Agusta in ka tsaya a gadar Kwalkwalawa a nan Sakkwato: matar tana raye, gida cike da baƙi da hayaniya. A tsakiya ruwan ya ja baya, ya bar laka a fadama. Duk wanda ya taɓa dashen albasa ya san wannan lakar ita ce arzikin, ba a noman fadama sai ruwa ya tafi. Mawaƙin bai ambaci 'ya'ya ba ko sau ɗaya a baitin, amma su yake nufi, abin da ta bari da ta wuce. A na uku babu ruwa sam, yashi ne, yana tonawa da hannu har damshi ya fito. Wato yanzu sai ya tona kafin ya same ta. Nan na rufe littafin na fita tsakar gida.

To, ka juya baya ka ga sharhin da wani ya liƙa, shafi shida. Wai kogi yana nufin hawaye. Shi ke nan! (Ko gulbin ma bai iya cewa ba, mu nan ba mu ce kogi.) In hawaye ne, me ya sa ya fi cika lokacin da take da rai, ya ƙafe bayan ta mutu? Ai da akasin haka za a gani. Wannan mutum ya ga ruwa ya ga mutuwa ya haɗa, bai bi baitocin a jere ba.

Haka ya yi wa fari. Ya ce fari da rani duk alamar baƙin ciki ne, kamar abu ɗaya. Rani kowa ya san da zuwansa, an tanadi rumbu dominsa. Fari kuwa ruwa ne ya ɗauke a tsakiyar damina, gero ya yi ciki bai kai ga fitar da kai ba. Dattawan da suka ga 1973 da 1984 ba za su taɓa haɗa su ba. Mawaƙin fari ya ce, don matar da juna biyu ta tafi. Da tsohuwa ce da jikoki, da kaka, lokacin girbi, zai kira.

Kakar ma ta zo, kuma ita ta fi ciwo. An yi girbi mai kyau, dami ya cika rumbu, amma ya fitar da dami ɗaya da safe ya tsaya da shi a hannu, babu mai karɓa ta sussuka, turmi a kife. Mai sharhi ya ce nan mawaƙin ya samu natsuwa. Natsuwar me?

Da na so in ce kowa ya saya ya yage shafukan baya kawai. Amma da na koma karatu na biyu ina ƙirga baitoci, sai na ga daga na 24 an tsallaka zuwa 29, an maimaita shafi ɗaya sau biyu. Daidai wurin farin ke nan, inda ya fara maganar gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Ɗango biyu na samu, sauran babu. Na koma na ce, "Baba, a canja min." Ya buɗe guda uku a gabana, duk haka suke. Ya ce, "Ɗana, yadda aka kawo min ke nan." Ban karɓi kuɗina ba, don ba zan iya mayar da littafin ba, amma har yau ban san ko gawon shi ne ko ita ba.