Sukuru a ɓoye ko bol mai ratsa ƙofa: wanne ya fi wajen kafa ƙarfen kwaɗo?

"Assalamu alaikum. Ina da ɗakin ajiya a Rigasa mai ƙofar katako, ina so in sa masa ƙarfen kwaɗo, amma na lura ana iya kwance sukurorin daga waje ba tare da an taɓa kwaɗon ba. Wani ya ce in sayi irin wanda yake rufe sukurorinsa, wani kuma ya ce in huda ƙofar in sa bol da noti. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Duka shawarwarin biyu suna da tushe, sai dai ba cuta ɗaya suke magani ba. Domin mu fahimci juna, zan kira dogon ƙarfen nan mai lanƙwasawa, wanda yake da tsaga a bakinsa, da sunan harshe; ƙaramin falle mai huji uku ko huɗu da yake haɗe da shi ta hinji zan kira shi gindi; wanda kuma yake leƙowa ta cikin tsagar a rataya masa kwaɗo, shi ne zobe.

Hanyar farko ta dogara ne ga yadda aka kafa ƙarfen, kuma a nan ne mafi yawan ƙofofin da nake gani a gari suka sami matsala. Kafinta yakan buɗe ƙarfen ya miƙar da shi, ya ɗaure gindin a gefe guda, harshen kuma ya nufi ɗaya gefen, sai kawunan sukurorin su zauna a fili ko da an kulle. Daidai shi ne a kafa gindin ta yadda idan aka naɗo harshen zuwa wajen zobe zai kwanta a kan gindin ya danne shi, sannan ƙarshensa ya rufe fallen zoben. Idan aka yi haka, muddin kwaɗo yana rataye, sukundireba ba ta da wurin shiga. Amma ba kowane ƙarfe ne yake yarda da wannan ba, saboda haka tun a shago ka naɗe shi a tafin hannunka, ka zura zoben a tsagar, ka duba ko akwai hujin da ya leƙo ta gefe. A masu araha sau da yawa fallen zoben ya fi harshen faɗi, sai sukurori biyu ko duka huɗun su kasance a waje, kuma wanda ya kwance zoben ya gama aiki, domin kwaɗon zai biyo shi a kulle.

Ribar wannan hanya ita ce sauƙi: ba a huda ƙofa ta fita ɗaya gefen, aikin bai fi na minti 20 ba, kuma ranar da za ka tashi daga gidan haya kana iya buɗe kwaɗo ka kwance kayanka. Rauninta kuwa shi ne ta hana kwancewa ne kawai, ba ta hana ɓanɓarewa ba. Sukurorin da suke zuwa cikin leda tare da ƙarfen yawanci gajeru ne, ba su wuce milimita 20 zuwa 25 ba, kuma abin da yake riƙe da su zaren da ya ciji katako ne kurum. Wanda ya cusa dogon ƙarfe a bayan harshen ya danna, zai tsige su kamar yadda ake tsige gyaɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman idan katakon mai laushi ne ko gara ta fara cinsa.

Hanya ta biyu ba ta dogara da cizon katako ba sam. Bol ɗin yana ratsa ƙarfen da ƙofar gaba ɗaya, a ɗaure shi da noti daga cikin ɗaki, saboda haka kafin a cire shi da ƙarfi sai an yago notin ta cikin katakon. Sai dai ba kowane bol ne zai yi ba. Mai kai kusurwa shida, wanda sifana take kamawa, bai magance komai ba, domin ana iya juya shi daga waje har notin ya faɗi a ciki. Wanda ake nema shi ne mai kai sumul kamar rabin ƙwallo, babu tsaga babu kusurwa, sannan a ƙarƙashin kan akwai ɗan wuya mai kusurwa huɗu. Wannan wuyan shi ne sirrin abin: yana zama a cikin huji mai kusurwa huɗu ya hana bol ɗin juyawa yayin da kake ɗaure noti daga ciki, daga waje kuma babu abin da sukundireba ko sifana za ta kama. Idan ka shiga kasuwar Fanteka, ka kwatanta musu kan da wuyan, za su gane abin da kake nufi.

Bari in ɗauki misali da ƙofar da aka saba yi wa ɗakin ajiya, wato alluna masu kaurin milimita 25 da aka jera a tsaye, da katakai na gicciye masu irin wannan kauri a bayansu. Wurin kafa gindin shi ne daidai kan katakon gicciye na tsakiya, inda kauri ya zama milimita 50, ba kan allo ɗaya tilo ba. Ka ƙara milimita 3 na gindin, da 3 na fallen ƙarfen da za ka sa a baya, da kamar 8 na washa da noti, lissafi ya kai 64. Saboda haka bol na milimita 8, wanda ake rubutawa M8, mai tsawon milimita 70 ya wadatar, kuma sifana mai lamba 13 ce take kama notinsa. Idan ƙarfen ƙarami ne, M6 da sifana lamba 10 za su yi. Ka fara riƙe komai a wurinsa da kwaɗon a rataye, ka yi alama da fensir, sannan ka huda daga waje zuwa ciki da bakin huji na milimita 8, kana danne wani guntun katako a baya don kada allon ya tsage wurin fita. Hujin gindin idan zagayayye ne, sai an bi shi da ƙaramin magagari an mai da shi kusurwa huɗu har wuyan ya shige. In ba haka ba kan bol ɗin zai tsaya a sama da tazarar da filaya ko bakin zarto zai iya shiga.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne inda hanyoyin biyu suke karo da juna. Kan bol ɗin yana da tudu, don haka idan ka sa shi a gindin da harshe yake kwanciya a kai, wani lokaci harshen ba zai kwanta ba, tsagar ta kasa kaiwa ga zobe. Manyan ƙarafa masu kauri sukan zo da harshe mai ɗan ɗagowa da huji mai kusurwa huɗu tun daga masana'anta, kuma su ne suka fi dacewa. Idan naka bai da wannan sarari, kada ka tilasta shi da guduma. Ka kafa gindin a miƙe, kawunan a fili, tunda kan da ba a iya kwance shi bai damu da a gan shi ba.

Fallen bayan nan kada a raina shi. Ƙaramar washa kaɗai tana iya nutsewa cikin katako idan aka ja da ƙarfi, amma falle mai kaurin milimita 3 da ya haɗa duka bol ɗin wuri guda yana raba nauyin, sai ya zama dole a karya katakon gicciyen gaba ɗaya. Kowane mai walda zai yanka maka shi ya huda cikin ɗan lokaci, idan ka kai masa gindin ya auna da shi.

Ɓangaren zobe ya fi wahala, kuma a nan ne wani lokaci ake komawa ga sukuru ko ba a so. Idan ƙofar tana buɗewa waje, fuskarta da fuskar firam suna daidai, kuma sau da yawa dogon bol zai iya ratsa firam ɗin ya fito cikin ɗaki: firam mai zurfin milimita 100 yana buƙatar bol na 120. Idan kuwa zoben ya faɗa inda bayansa bulo ne da siminti, babu wurin ɗaura noti. A nan sai a yi amfani da dogayen sukurori masu kauri, na milimita 50 ko fiye gwargwadon naman firam ɗin, a fara yi musu siririn huji don kada katakon ya tsage, a kuma tabbatar harshe ya rufe su. Wanda ya rage a fili, ana iya cinye tsagar kansa da injin huji ko a cika ta da gam mai ƙarfi irin na haɗa biyu. Ni ba na son wannan dabara sai dole, domin ranar da zoben ya lanƙwashe ko mai gida ya ce ka cire, kai ma ka zama baƙo a ƙofarka. Idan firam ɗin na ƙarfe ne, magana ta ƙare: a yi wa zoben walda ta kowane gefe, ba ɗigo biyu ba.

A ra'ayina, ga ɗakin da ake barin kaya masu daraja a kwana ba kowa, bol ne ya fi, kuma bambancin kuɗinsa da sukuru bai kai darajar abin da ke ciki ba. Sukuru a ɓoye ya isa ga ɗakin da ke cikin gida inda ake gudun hannun yara ko mai ɗauke-ɗauke, wanda ba zai yarda ya yi ƙara ba. Sharaɗi ɗaya ne: idan ƙofarka irin ta filawud ce mai rami a ciki, bol zai murƙushe ta ne kawai yayin ɗaurewa, sukuru kuma ba shi da abin kamawa, sai dai a nemi katakon gefenta ko a canza ƙofar.

Bayan an gama, ka kulle ka tsaya a waje da sukundireba da filaya, ka gwada kamar ba ɗakinka ba ne. Ka ɗaga harshen sama da ƙasa ka ga ko wasan da yake yi yana tona kan wani sukuru, ka duba sandar hinjin ƙarfen ko an dake bakinta ta yadda ba za a fitar da ita da ƙusa ba, ka kuma duba hinjin ƙofar kanta idan a waje yake. Sannan ka tuna da yanayin Kaduna: katakon da aka ɗaure da damina yana kumbure, idan hunturu ya shigo sai ya bushe ya tsuke, notin ya saki. Ka sa noti biyu a kan kowane bol idan tsawonsa ya isa, ko noti irin mai roba a ciki, kuma wajen watan Janairu ka sake bin su da sifana.