Gansakuka a duro: sabulu da buroshi, ko bilic?

"'Yan uwa, durona na roba mai cin lita 200 ya yi gansakuka, cikinsa sai santsi. Wasu sun ce in wanke da garin sabulu, wasu sun ce bilic kawai zan zuba. Wanne ya fi?"

'Yar uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa kowane ɓangare yake da rabin gaskiya.

Sabulu da buroshi suna ɓamɓare dattin ne. Koren da kike gani tsiro ne ƙanana da ke rayuwa da hasken rana, santsin da ke ƙarƙashinsa kuma wani yauƙi ne da ƙwayoyin cuta suke lulluɓe kansu da shi a jikin roba. Wannan yauƙin ba ya fita sai an goge shi da hannu. Amma sabulu ba ya kashe abin da ya maƙale a lungun bakin famfo da zaren murfi, don haka duron da aka wanke da shi kaɗai yakan yi fes yau, ba a jima ba koren ya dawo.

Shi kuwa bilic kisa yake yi, ba ya wanki. Idan kika zuba shi a kan gansakuka mai kauri, zai ƙone saman ta yi fari, ƙarfin kulorin, sinadarin da ke yin kisan a cikin bilic, ya ƙare a nan, na ƙasa kuma suna nan da ransu. Ki shafa bangon da yatsa bayan haka, za ki ji santsin bai tafi ba. A ganina wannan ya fi haɗari, domin ido yana ganin duro ya yi haske, mutum ya saki jiki ya sha. Da za a tilasta mini zaɓar ɗaya, gogewa zan ɗauka. Sai dai babu dalilin zaɓa: a goge tukuna, bilic ya biyo baya.

Ki zubar da ruwan duka, ki kwantar da duron, ki goge da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, da buroshi mai gashin roba da doguwar mariƙa. Kada ki sa soson ƙarfe, yana karce roba, kuma a cikin karcen nan gansakuka take samun wurin kamawa. Ki dage a gindi da ƙarƙashin leɓen baki da murfi. Sannan ki ɗauraye har kumfa ta ƙare kuma yatsa ya daina zamewa.

Ga lissafin bilic ɗin. Ana so kowace lita ta ruwa ta sami miligiram 50 na kulorin, wato giram 10 ke nan a lita 200. Ki duba jikin kwalbar: idan an rubuta 3.5%, kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 35, sai ki auna mililita 300. Idan 5% ce, mililita 200 ta isa. Mai tankin lita 1,000 sai ya ninka sau biyar. Ki zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu na duron, ki sa bilic, ki cika har baki don ya gauraya, ki buɗe famfo kaɗan ruwan ya ratsa shi, ki rufe, ki bar shi awa 24. Bilic zalla ake nufi, ba mai turare ko mai haɗin sabulu ba.

Da kin buɗe murfin washegari, hancinki zai gaya miki. Idan warin kulorin yana nan, aiki ya yi. Idan babu shi sam, ko dai sauran datti ya cinye shi, ko bilic ɗin ya tsufa, domin zafi da daɗewa suna rage masa ƙarfi; sai a sake. Ruwan nan ba na sha ba ne, ba na wanka ba. Ki zubar da shi nesa da shuka da wurin kifi, ki ɗauraye har warin ya tafi.

Don Allah kada ki haɗa bilic da ruwan tsami na binega ko maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Ki yi aikin a fili da safar hannu, kuma kada a tura yaro cikin tanki ya goge.

Da sabulu da bilic, dukansu biyun ba sa hana koren dawowa muddin haske yana shiga. Ki leƙa cikin duron da tsakar rana yana fanko: idan kina ganin haske yana ratsa bangon, ki mai da shi inuwa, ko ki shafa masa fenti mai duhu ta waje, ko ki naɗe shi da abin da haske ba ya wucewa. Murfin kuma ya zauna daram, kuma ko bai yi kore ba, ki riƙa wanke shi duk wata shida.