Yarinya Na Ba Da Labarin Sakin Uwarta: Hanya Biyu

Hanya ta farko, marubuci ya tsaya a kan idon yarinyar kawai. Ta ga an ɗaure akwatin Inna, ta ga wata takarda a ninke a gefen zani, murnarta ita ce za su shiga mota. Mai karatu ya gane saki ne. Wannan ta fi ratsa zuciya, amma tana rushewa da zarar yarinya 'yar shekara 6 ta fara bayanin idda kamar alƙali.

Ta biyu, yarinyar ta girma tana tuna baya: "Sai daga baya na fahimta." Ta fi sauƙin rubutawa, sai dai idan fassarar ta yi yawa, mai karatu ba ya samun abin ganowa da kansa.