Ribar jakar fiya wata: shago ko 'yan talla?

"Ina son fara sarin fiya wata a Gusau. Wanne ya fi riba a kan kowace jaka, kai wa masu shago ko sayar wa 'yan talla?"

Malam, a kan jaka ɗaya 'yan talla sun fi ba da riba, amma ribar ta rataya ne a kan sanyi da kuma farashin da ake sayar da guda a titi. Tun da farashi yana motsi, zan kafa misali da lambobi, kai kuma ka sauya su da na yau.

Mu ɗauka ka saro jaka mai guda 20 a kan naira 300 a masana'anta, dako zuwa ma'ajiyarka ya ci 15, wato ta tsaya maka a 315. Mai shago a Tudun Wada ba zai zo ɗauka ba, kai za ka kai masa, sai a ƙara 20 na kaiwa da saukewa. Idan ya karɓa a 370, ribarka 35 ce. Idan ya matsa ka zuwa 350, saura 15. Da wuya ka kai 400, domin motar masana'anta ita ma tana zagaya unguwanni, kuma mai shago ya san farashinta. A irin wannan siririyar riba fashewa ba ƙaramin abu ba ce: guda ɗaya a jakar 370 ya haura naira 18, saboda haka idan ya cire maka kuɗin guda ɗaya da ya tsiyaye, fiye da rabin ribar jakar ya tafi. Jakunkunan ƙasa ne suka fi fashewa idan an yi lodi mai tsawo, shi ya sa ya kamata ka duba ɗinkin ledar tun a masana'anta, ka ƙi duk jakar da ka ga ruwa ya taru a gindinta.

Mai talla kuwa shi yake zuwa wurinka da bokiti ko kula, ya biya nan take, amma ruwa mai sanyi yake nema. Mu ce ƙanƙara ko man janareta na firiza yana cin 1,800 a yini, kana sanyaya jaka 30, wato 60 a kowace jaka, ta tsaya a 375. Ka sayar a 450, riba 75, fiye da ninki biyu na ta shago. Sai dai ba kai kake yanke wannan farashin kai kaɗai ba. Idan ana sayar da guda naira 30 a bakin tasha, jaka tana kawo masa 600, ya tsira da 150. Ka ɗaga zuwa 500, taka ribar ta zama 125, tasa ta koma 100, gobe sai ka gan shi a wurin maƙwabcinka. Idan kuma titi ya koma biyu hamsin, jaka 500 kawai take kawowa, dole ka sauko kusan 400, ribarka ta zama 25, ƙasa da ta shago. Saboda haka kafin ka sa farashi, ka tsaya a tasha ka ji nawa yara suke kira.

Abin da ya fi cutar da sababbin shiga shi ne kuɗin sanyi ba ya raguwa idan ciniki ya ragu. Ranar da aka wuni da hadari, ko a hunturun Disamba da Janairu, idan jaka 15 kaɗai ta fita, 1,800 ɗin nan ya zama 120 a kowace jaka, ribar 75 ta dawo 15. Daga Maris zuwa Mayu kuwa firizar ce za ta gaza maka. Shago bai cika jin wannan sauyin ba, domin magidanta suna sayen jaka sukutum ko da wane lokaci.

Shago kuma ya fi ɗaukar kaya. Jaka 100 a riba 35 ta ba ka 3,500, alhali jaka 30 ta 'yan talla 2,250 ce. Amma jaka 100 jarin 31,500 ce, kuma yawancin masu shago "sai na sayar" za su ce maka. Idan kuɗin ya kwana uku a hannunsu, 3,500 ɗin ta kwana uku ce, yayin da kuɗin talla yake dawowa da yamma ka sake saro da safe.

A ganina, idan jarinka bai wuce na jaka 50 ba kuma kana da hanyar sanyi tabbatacciya, ka fara da 'yan talla, ka ƙara da shaguna biyu ko uku na kusa waɗanda dakonsu ba zai ci ribar ba. Kada ka sauke wa mai shago sabon kaya sai ya biya na baya, kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe bayan an sauke.