HDRI ko fitilun Area: wanne ya fi wa kwalbar turare?

"Salam 'yan'uwa. Wani mai shagon turare a nan Katsina ya ba ni aikin hoton talla, na gina kwalbar a Blender, amma ta fito kamar roba. HDRI zan sa ko in jera fitilu da kaina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo kan haske, duba kwalbar kanta, don ko wane haske ka sa ba zai gyara gilashin da ba shi da kauri ba. Ka mayar da ita girmanta na gaske, a ce tsawon santimita 12, sannan ka danna Ctrl+A ka zaɓi Scale. Ba ta kaurin milimita 3 da Solidify, ka kashe kaifin gefuna da Bevel na kusan milimita 1, saboda a kan wannan ɗan lanƙwasa ne haske ke zana siririn layin da ido ke gane gilashi da shi. A Principled BSDF ka kai Transmission zuwa 1, IOR 1.5, Roughness kusa da sifili. Turaren ciki jiki ne daban, IOR ɗinsa 1.36 in na feshi ne, kuma ya ɗan shige cikin bangon gilashin. In ka bar rata tsakaninsu, za ka ga wani farin zobe mai ƙyalli ya kewaye ruwan. A Cycles ake wannan aiki.

To, gilashi ba ya nuna komai sai abin da ke kewaye da shi. A nan hanyoyin biyu suka rabu.

HDRI hoto ne da aka ɗauka ya zagaye wuri gaba ɗaya. Ka ɗauko na kyauta a Poly Haven, ka haɗa shi a World, nan take kwalbar ta samu haske daga ko'ina, murfin zinariya ya fara walƙiya yadda ya kamata. Sauri ne amfaninsa. Illarsa kuwa ba ka da iko da shi sai juyawa da rage ƙarfi: ka gyara hasken murfi, na jikin kwalba ya gudu. Ga kuma tonon asiri, a hango bishiyoyi da tagogin wata ƙasa a jikin turaren da za a sayar a Ƙofar Marusa. In dole sai shi, zaɓi na situdiyo.

Fitilun Area sun fi cin lokaci, amma kowane ƙyalli kai ka ajiye shi. Sa farin allo a bayan kwalbar ka haska allon, ba kwalbar ba. Hasken zai ratso turaren ya fito da launinsa. Sai ka tsayar da baƙaƙen alluna biyu, dama da hagu, dab da inda kyamara ba ta gani. Su ne ke ba gefen gilashin baƙin layi, kuma rashinsu ne ke sa kwalba ta narke cikin farin bango. Daga nan fitila ɗaya mai siffar Rectangle, santimita 30 a kan 60, a gefen hagu, nisan rabin mita. Fara da 3 W. Girman fitila ne ke tausasa inuwa, ba ƙarfinta ba, kamar yadda hazon hunturu ke shafe inuwar da ranar bazara ke yankawa da kaifi. In ka matsar da ita nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa kwalbar zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, inuwa kuma ta ƙara kaifi.

Ra'ayinmu: ga kwalbar gilashi, fitilu ne ginshiƙi. Bar HDRI na situdiyo a Strength 0.1 zuwa 0.2 don kada murfin ƙarfe ya yi baƙi ƙirin a inda fitila ba ta kai ba.

Saura kyamara, wadda take iri ɗaya a hanyoyin biyu. Blender na farawa da Focal Length 50 mm. Ɗaga shi zuwa 85 mm, ka ja baya zuwa santimita 60, don kusantowa da gajeren gilashin kyamara na kumbura gaban kwalba. In ka kunna Depth of Field ka bar F-Stop a 2.8, abin da zai fito tas bai kai santimita 1 ba, rubutun tambari ya yi kyau, murfi ya dushe. A 11 za ka samu kusan santimita 3, kuma ka sa Focus Object a kan tambarin. Bar View Transform a AgX, wanda ya zama na asali tun Blender 4.0 a 2023, don Standard na ƙone farin ƙyalli. In baƙaƙen tabo sun bayyana a gindin kwalbar mai kauri, hasken ne ya ƙare kafin ya ratsa: a Light Paths ɗaga Total da Transmission daga 12 zuwa 24, Glossy kuma daga 4 zuwa 12.