Rabon daidai ko cirewa daga saura: wacce za ka ɗauka a lissafin raguwar darajar aboboya?

Wanda ya sayi aboboya, wato keke mai inji mai ƙafa uku, don dakon kaya daga Kejetia zuwa Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san ba za ta zauna sabuwa ba. Abin da ake mantawa shi ne dole a cire tsufan nan daga ribar kowace shekara, in ba haka ba mutum zai riƙa cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Hanyoyi biyu ake fara koya wa ɗalibin akanta, kuma tun ranar da aka shigar da abin cikin littafi ake zaɓar ɗaya.

Mu ɗauka an saye ta sidi 40,000, ana sa ran ta yi shekara huɗu, a sayar da ita a kan 10,000. Bayan an cire kuɗin mai, gyara da sallamar direba, tana barin 20,000 a shekara.

A rabon daidai, za ka cire 10,000 ɗin ƙarshe daga kuɗin saye, saura 30,000, ka raba gida huɗu. Kowace shekara 7,500 ke nan, riba kuma 12,500, babu hawa babu sauka.

Cirewa daga saura ta fi son natsuwa. Ana yanka wani kaso, a nan mu ce 30 cikin ɗari, a riƙa ɗora shi a kan darajar da ta rage a littafi. Shekarar farko 12,000 za ta tafi, saura 28,000. Ta biyu, kason na kan 28,000 ɗin ne, wato 8,400, saura 19,600. Ta uku 5,880, ta huɗu 4,116, a tsaya a 9,604. Ribar da littafi zai nuna ta fara daga 8,000, ta hau 11,600, sannan 14,120, ta ƙare a 15,884. Keke ɗaya, ciniki ɗaya, amma shekarar farko tazarar 4,500 ce tsakanin littattafan biyu, alhali ko fesuwa ɗaya ba ta ƙaru ko ta ragu a aljihu ba. In ka haɗa shekarun huɗu, 50,000 ne da 49,604, kusan abu ɗaya.

Kuskure biyu na fi gani a nan. Wani yakan cire 10,000 tukuna kafin ya ɗora kason, wanda aikin hanyar farko ne kawai. Wani kuma yakan maimaita 12,000 a shekara ta biyu. In ka ga adadin bai sauka ba, ka koma kan kuɗin saye ba ka sani ba.

Ranar sayarwa ce ke nuna wacce ta fi kusa da gaskiya. A ce an gaji da ita bayan shekara biyu, aka sallama a 21,000. Littafin rabon daidai na cewa darajarta 25,000, sai a rubuta asarar 4,000. Ɗayan na cewa 19,600, sai a rubuta ribar 1,400. Jimillar ribar shekarun biyu ta dawo 21,000 a duka littattafan. Sai dai mai rabon daidai ya yi shekara biyu yana ganin riba mai kauri, kuma idan da abokin tarayya, tuni an raba ta. Wanda ya janye hannunsa tun shekarar farko ya tafi da kasonsa, asarar ta faɗa kan wanda ya rage.

Shi ya sa ni, a kan abin hawa, na fi karkata ga cirewa daga saura. Darajarsa ta fi zubewa a farko, kuɗin gyara kuma sai ya tsufa yake yawa, lokacin da zuwa wurin makanikai a Suame ya zama na kowane wata. Nauyin biyu sai su yi kusan daidaita. Amma gini, kanta da teburan shago, waɗanda amfaninsu bana da baɗi ɗaya ne, rabon daidai ya ishe su, ga sauƙin bayani ga Alhajin da ya zuba kuɗinsa. Ƙa'idar akanta ma abin da take nema ke nan: hanyar ta bi yadda ake cin amfanin kayan, kuma kada a riƙa sauya ta don kawai a kumbura ribar bana.

Kada kuma ka zaɓa da niyyar rage haraji. Hukumar haraji ta Ghana ba ta karɓar adadin da ka rubuta. Takan mayar da shi cikin riba, ta ba da nata rangwamen bisa dokar harajin kuɗin shiga ta 2015. A can abin hawa 30 cikin ɗari ne daga saura, kwamfuta 40, gini kuwa 10 cikin ɗari a rabon daidai, ko wace hanya littafinka ya bi.