FAT32, NTFS ko exFAT ga faifan da ke yawo tsakanin kwamfutoci biyu

"Ina ɗaukar bidiyon biki a Mabera. Kwamfutar shago Windows ce, yaron da ke haɗa min aiki kuma Mac gare shi. Na sayi faifan ajiya mai tera 1, da wane tsari zan yi masa fomat?"

Ƙanena, exFAT za ka sa, amma bari ka ji abin da ya kayar da sauran biyun.

FAT32 kowa na karɓarsa, har tsohuwar talabijin da rediyon mota. Cikas ɗinsa ɗaya ne: ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. A ce bidiyon ɗaurin aure ya fito giga 9, faifai kuma wayam, sai Windows ta ce maka "The file is too large for the destination file system". Ba wuri ne ya ƙare ba, tsarin ne ya gaza. A bar wa filashin waƙoƙi shi.

NTFS ɗan gida ne a Windows, ga ƙarko, domin yana rubuta abin da zai canza a tsarin faifai kafin ya taɓa shi, ko aiki ya katse yana iya gyara kansa. Sai dai Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kai sai an sa mata wata manhaja. Yaronka zai kwashi bidiyo lafiya lau, ya gama aiki, ya rasa yadda zai maido maka. Faifan kasuwa da dama da shi suke zuwa, don haka danna dama a kan naka, ka duba Properties.

exFAT kuwa, wanda Microsoft ta fitar a 2006, kwamfutocin biyu na karantawa suna rubutawa, giga 9 ko 90 duk ɗaya. Rauninsa shi ne ba shi da wancan rubutun kariya. Aka ɗauke wuta kana tsakiyar kwafi a kwamfutar tebur, ko wani ya fizge waya yana sauri ya tari Keke, fayil na iya lalacewa, wani lokaci folda ta ƙi buɗewa. Ka riƙa danna Eject kafin cirewa. In ya fara gardama, kai shi Windows ka buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka sa harafin faifanka a madadin E:

```
chkdsk E: /f
```

Ka ja wa yaron kunne kada ya mayar da shi APFS, tsarin Mac, a Disk Utility. Windows ba ta gane shi, wataƙila faifan ma ya ƙi fitowa, in kuma ta nemi a yi fomat aka amsa mata, bikin mutane ya tafi. Kai ma fomat ɗin share komai yake yi, sai ka kwashe abin da ke ciki tukuna. Ainihin bidiyon kuma ya zauna a kwamfutar shago har mai biki ya karɓi kayansa.